Kana Iya Tafiya a Kowane Lokaci

Don amininsa maigidana ya janye yatsansa daga takardar nan, ko don kansa? Na fita takaba tuntuni, na koma bakin tukunyar kokona, amma wannan tambayar tana nan tare da ni. Ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. 'Yata ta fari ce ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na ce mata idan kuka ya tsayar da ni ta jira, kada ta cike mini gurbin da nata kalmomin.

A Zangon Kumasi aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na tsufa. Maigidana ya ci ƙarfinsa a Akwatia Layin, wajen masu tsoffin ƙarafa. Wayoyin lantarki suke tarawa su cinna musu wuta, roba ta ƙone, jan ƙarfen ya fito, a auna a sayar. Hayaƙin baƙi ne ƙirin, mai maiƙo. Idan ya dawo gida har cikin gemunsa yake, in wanke rigarsa ruwan ya fito kamar na tawada. Shekarunsa na ƙarshe tari ya zauna masa. Daga tari sai numfashi ya gajarta, har ya zama daga ɗaki zuwa bakin famfo sai ya tsaya ya dafa bango. A asibiti suka ce huhun ya lalace, magani sai dai na sauƙaƙawa.

Ba shi kaɗai ba ne. Cikin waɗanda suka fara aikin tare, an riga an kai wasu makwanci, wasu suna kwance a ɗakuna kamarsa. Akwai amininsa, mutumin arewa ne, tun suna samari suke cin tuwo a kwano ɗaya. Shi ma ƙirjin ne. Amma shi mutum ne mai tsoro. Ko gawa aka wuce da ita ta ƙofar gidansu, ranar ba ya cin abinci.

Yarinyar da ta kawo maganar takardar ɗiyar maƙwabtanmu ce, a gabana aka yi sunanta. Ta yi karatun aikin jinya, ta koma jami'a tana neman babban digiri. Wata safiya ta zo sayen koko, ta shiga gaishe shi, ta ce aikin da take so ta yi shi ne ta zauna da tsofaffin masu ƙona waya waɗanda ciwon ƙirji ya kwantar, ta ji daga bakinsu yadda suka yi aikin da yadda suke jinya a gida, ta haɗa ta rubuta don masu tsara harkar lafiya su karanta.

Ban taɓa ganin ya miƙe zaune da sauri haka ba tun da ya kwanta.

"Dakta, ina na'urar? Kunna. Yau za ki ji abin da babu shi a littafinku."

"Baba, ni ba dakta ba ce tukuna. Kuma ba zan iya kunnawa ba, sai kwamiti ya ba ni izini."

"Wane kwamiti? Bakina ne, ko nasu?"

Ta yi dariya ta zauna a kan tabarma ta yi mana bayani. Ta ce a jami'a akwai wasu mutane, likitoci da malamai da lauya da wani wanda ba ma'aikacinsu ba, aikinsu su duba duk wani nazari da za a yi da mutane kafin a fara. Za ta kai musu tsarin aikin duka, da tambayoyin da za ta yi, da takardar da za a karanta wa mutum kafin ya ce ya yarda. Ta ce ga marar lafiya wanda bai iya karatu ba sun fi tsanantawa, domin irinsa yana iya cewa to don kunya, ko don yana zaton idan ya ƙi za a hana shi magani. Duk abin da ta ɗauka kafin izini ya fito, ba zai shiga aikin ba, kuma ita ma za ta shiga matsala.

"To su yi sauri," in ji shi. "Ki gaya musu mai maganar haya yake yi a ƙirjinsa, kuma mai gidan ya fara zagaye."

Ta yi murmushi. Ni ban yi ba.

'Yata ta ce masa ga wayar hannu, ya yi maganarsa ta ɗauka mu ajiye. Ya ƙi. Ya ce mu ai mun sani, mu muke wanke kaskon tofinsa. Waɗanda ba su sani ba yake so su ji, kuma ta ƙofar da za su yarda da ita. Wannan shi ne abin da yake so a duniya a lokacin, ba wani abu ba: ya faɗi abin da hayaƙin nan ya yi musu, a rubuta, kafin numfashin ya ƙare.

Kwamitin sau ɗaya suke zama a wata. Ta kai takardunta, muka jira. Da amsa ta fito, ba su ce a'a ba, ba su kuma ce e ba. Gyare-gyare suka lissafa mata. Ta zo ta same ni a bakin tukunya fuskarta a yamutse. Sun ce ta bayyana abin da za ta yi idan mutum ya fara haki ko kuka a tsakiyar hira, da inda za ta tura shi. Sun ce ta rage tsawon zaman. Sun ce wanda zai dangwala yatsa dole a samu shaida mai karatu, wanda ba ya cikin masu aikin, ya ji an karanta komai sannan ya sa hannu. Yardar ɗaukar murya a ware ta daban, mutum yana iya yarda da hira ya ƙi na'ura. Sai babbar: sun ce takardar ta yi nauyi, ta sauƙaƙa ta yadda wanda bai je makaranta ba zai gane, sannan ta ba wani wanda bai ga ta Turancin ba ya mayar da Hausar zuwa Turanci, su gwada su ga ko ma'ana ba ta zube a hanya ba.

Ta karanta mini ta farkon. Gaskiyarsu. Wani malami ne ya fassara mata, Hausar rediyo, irin wadda mu a Zango muke ji mu gyaɗa kai ba mu kama rabinta ba. Akwai inda aka ce mahalarci yana da 'yancin janyewa ba tare da wani sharaɗi ba. Na ce mata wane ne mahalarci, ɗan wane gida ne? Kuma kalmar bincike ta cika takardar. Na ce mata mutanen ƙarafa idan suka ji bincike, 'yan sanda suke gani suna neman wayar da aka sato, ba wanda zai buɗe miki baki.

Sai ta riƙa zuwa da hantsi, lokacin da ciniki ya lafa, tana karanta mana layi-layi, ni da mai ƙosai ta gefena da wata mai sayar da wake da shinkafa. Ta ce wannan ba hira ba ce, gwajin magana ne kawai, ba ta rubuta komai a kanmu. Muka cire bincike muka sa neman sani. Muka cire mahalarci muka sa kai. Inda aka ce za a sakaya suna, muka ce ba za a rubuta sunanka ba, lamba za a sa. Da muka zo kan janyewa, ta gwada wannan ta gwada wancan, har ta ce: "Kana iya tafiya a kowane lokaci, ba abin da za ka rasa."

Mai ƙosai ta tafa hannu. "Yauwa! Wannan ko jikata ta gane."

Ni ma na ce ya yi. Muna zaune da lafiyarmu, rana tana dukanmu, muna korar ƙuda. Wanda ya mayar da ita Turanci shi ma ya mayar daidai, ma'anar ta fito yadda kwamiti ke so. Ba wanda ya ji komai a cikinta.

Kafin su sake zama damina ta sauka. Ɗakinmu yana yoyo ta kusurwa, sanyi yana tashi daga siminti, tarin ya ƙaru. Ya daina fita masallaci, sai sallah a zaune. Ya fara yanka magana gida-gida, ya faɗi rabi ya huta ya ƙarasa. Kullum da safe idan ya ji motsi a zaure sai ya ce, "Dakta ce?" In ce mai gawayi ne. Na lura ya fara tara maganarsa, ba ya ɓata numfashi a kan abin da bai zama dole ba, kamar mai ajiyar ruwa lokacin da famfo ya ɗauke. Har ni ya rage yi wa tsiya, shi da bai taɓa barin kokona ya wuce ba tare da ya ce ya yi tsami ba.

Ranar da izini ya fito ta shigo da gudu kamar ƙaramar yarinya. Ta nuna mana wasiƙar, da takardar yarda, kowane shafi da hatimin kwamiti a ƙasansa. Ta ce wannan mai hatimin ita kaɗai aka yarda ta yi aiki da ita. Washegari da hantsi ta dawo da shaida, wani tsohon malamin firamare na bayan layinmu wanda ya yi ritaya. Na share ɗaki, na sa wa maigida farar riga, na jingina shi da matasai. Ya sa na shafa masa turare. Ta ajiye na'urar a kan kujera ba ta kunna ba, ta ajiye ɗan akwatin tawada kusa da ita, ta fara karantawa a hankali.

Ta ce ga dalilin aikin. Ta ce ba magani za ta ba shi ba, kuma ba lallai shi da kansa ya amfana ba. Ta ce maganar tana iya gajiyar da shi ko ta tayar masa da baƙin ciki. Ta ce idan ya ƙi, asibiti ba za su sani ba, maganinsa ba zai canza ba. Yana ta gyaɗa kai, har ya miƙo babban yatsansa yana wasa da shi. Sai ta zo wurin.

"Kana iya tafiya a kowane lokaci, ba abin da za ka rasa."

Layin da na ji sau da yawa a bakin tukunya. Amma a cikin ɗakin nan, da warin magani, da kaskon tofi a ƙarƙashin gado, da mutumin da ko bakin ƙofa ba ya iya kaiwa, sai na ji shi da wani kunne. Tafiya ɗaya ce ta rage wa mai kwance irin wannan. Mu a nan ba ma cewa wane ya mutu a gaban iyalinsa, cewa muke ya tafi. Tsohon malamin ya sunkuyar da kai yana kallon hularsa. Yarinyar ta ɗago, ta ga fuskokinmu, ta sake duban layin, sai na ga leɓenta ya motsa ba sauti.

Maigida ya yi dariya, dariyar ta koma tari, na riƙe masa kasko har ya lafa.

"Dakta, likitan asibiti ma bai faɗa mini ƙarara haka ba. Ga shi har da hatimi."

"Baba, wallahi ba haka ake nufi ba. Ana nufin kana iya daina hirar."

"Na sani. Ni na sani." Ya mayar da hannunsa cikin bargo. "Wa za ki je wa bayana?"

Ta ce idan amininsa ya yarda, shi ne.

"Za ki kashe shi kafin kwanansa. Wannan da ko kyanwa ta yi kuka a kan rufinsa sai ya aika a kira malam? Ki je ki karanta masa yana iya tafiya a kowane lokaci?"

Ta ce za ta karanta yadda yake, sannan ta yi bayani da bakinta, an yarda ta yi hakan, aikinta ne ma. Ya ce wanda ya ji na farkon ba zai ji na biyun ba. Kuma ai ta ce za ta bar wa kowa tasa takardar a gida. Bayan ta tafi jikoki za su ɗauko su karanta wa tsoho, ba mai bayani. Ya ce ta ɗauki biro ta soke layin yanzu. Ta ce ba ta da ikon canza ko kalma ɗaya a kan mai hatimi, sai ta rubuta wa kwamiti ta nemi gyara, malaminta ya sa hannu, su duba su sake buga hatimi. Ƙaramin gyara ne, ba sai an jira babban zama ba, shugabansu yana iya dubawa, amma duk da haka zai ɗauki makwanni.

"To rubuta," in ji shi. "Ki ce: idan ka gaji, ka ce ya isa, a kashe na'ura, ba wanda zai yi fushi da kai."

Ta rubuta a bayan littafinta. Sannan ta ce, a hankali, "Baba, kai ka riga ka gane abin da ake nufi. Idan kana so mu yi taka hirar yau da wannan, ni kuma in nemi gyara saboda sauran, ya halatta. Idan ba ka so, shi ke nan."

"A gyara tukuna."

A nan na kasa haƙuri. Na ce, "Malam, wata nawa kana jiran ranar nan? Ka dangwala mana, ka yi maganarka! Ka san yadda kake kwana?"

"Tsohuwa, koma kan kokonki, yana tsami."

Na juya wajen yarinyar na ce ta lallashe shi, yana jin maganarta. Idonta ya cika da hawaye, amma ta girgiza kai.

"Mma, ba zan iya ba. Ke ma ina roƙonki kada ki matsa masa. Na tambaya ya amsa. Idan muka tura shi ya dangwala, yardarmu ce a takardar, ba tasa ba."

Ta rufe akwatin tawadar. Na ji ƙarar murfin har cikin haƙorana. Da na zo gyara masa bargo bayan sun fita, na taɓa hannun da ya ɓoye. Babban yatsan a dunƙule yake cikin sauran yatsu kamar wanda za a ƙwace masa. Ban tambaye shi ba. Shekarun da muka yi tare sun koya mini abin da ba a tambayarsa. Shi ya sa har yau ban sani ba, ko tsoron amininsa ya gani, ko nasa ne ya rataya wa amininsa don kada mu gani.

Ta kai neman gyaran a makon. Ba ta yi sanya ba, na shaida. Amma akwai takardar da aka fassara da yaren Tuwi da ta Dagbanci, sai da aka duba ko su ma suna da irin wannan ramin, aka sake mayar da sabon layin Turanci. Ba ta kuma je wa kowa da tsohuwar takardar ba, ta tsayar da aikinta cak. Tana zuwa gaishe shi hannu wofi, ba jaka, don kada ya ga kamar ta zo yi masa tuni. Wata rana ya fara ba ta labarin yadda suke gane wayar da ta fi jan ƙarfe ta launin harshen wuta, ta ce, "Baba, ajiye mini shi, kada ka ba ni yau in rasa inda zan sa shi." Ya ce ya ajiye.

Ƙafafunsa suka kumbura. Muka kai shi asibiti a tasi, suka sa masa iska kwana biyu, suka sallame mu da sabon magani mai sa barci. Daga nan hankalinsa ya fara tafiya yana dawowa. Wani lokaci ya san ni, wani lokaci ya tambaye ni ko an auna kayan jiya, ko motar kasuwar Res Kos ta tashi.

Da sabon hatimi ya fito, ta zo da tsohon malamin da sassafe, don na gaya mata ya fi wartsakewa a lokacin. Ta karanta daga farko har ƙarshe, da sabon layin. Idonsa a buɗe. Ta ce, "Baba, gaya mini da bakinka, me na zo yi?" Ya dube ta ya ce ta gaya wa babanta kilo bai cika ba. Babanta ya daɗe a ƙasa. Ta jira, ta ba shi ruwa, ta sake tambaya ta wata hanyar: idan ya ƙi, me zai faru da maganinsa? Ya ce a rufe ƙofa hayaƙi yana shigowa.

Na ce to ni in dangwala masa, ni matarsa ce, na san yana so, kowa a ɗakin nan ya san yana so. Ta ce izinin da aka ba ta na waɗanda za su iya yarda da kansu ne a ranar hirar. Son da ya yi watannin baya ba zai tsaya a madadin na yau ba, kuma ko na dangwala, wanda zai yi maganar ba ya nan. Ta dawo washegari. Ta sake dawowa. Na ukun ba ta ma fito da takardar ba, ta zauna ta riƙe masa hannu, ta fita tana share fuska da gyalenta.

Daga baya, bayan ya rasu an yi addu'ar arba'in, ta je wa amininsa da sabuwar takardar. Matarsa ta gaya mini ya saurara lafiya, ya dangwala, ya yi magana har sai da ita yarinyar ta ce a huta. Ya ambaci maigidana a ciki, amma an cire sunan, kamar yadda aka yi alkawari. Ban san ko wannan ya kamata ya sanyaya mini zuciya ba. Wasu ranakun yana sanyayawa. Wasu ranakun ina jin haushin kwamitin, da yarinyar, da mai ƙosai, da kaina, da shi. Sannan in tuna da hannun nan a cikin bargo, in ce da an kama shi an dangwala fa?

Ranar da yarinyar ta zo na ukun ta tafi, bayan la'asar, ruwa ya tsaya, ina zaune a bakin gado ina tsince gero. Sai na ji ya ce, "Tsohuwa." Da muryarsa ta da. Na ɗago na ga idonsa tar, ya san ni, ya san ɗakin. Na miƙe zan aika a kira yarinyar, ya riƙe bakin zanena. Bayan 'yar maganar da muka yi a lokacin, ba ni ya ƙara yi wa magana ba, sai Ubangijinsa, da kalmar shahada da liman ya laƙƙana masa kafin magariba.

"An gyara?"

Na ce an gyara, har da hatimi.

"Me ta ce yanzu?"

Na haddace shi, don na ji an karanta. Na ce, "Idan ka gaji, ka ce ya isa, a kashe na'ura, ba wanda zai yi fushi da kai."

Ya ja numfashi, yatsansa yana shafa bakin zanen.

"To, tsohuwa, kada ki yi fushi da ni. Ya isa."